Jawabin babban abokin ango a walimar Laminu da Hadiza

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu, dangin amarya da suka taso daga Mirya, sannunku da zuwa.

Na zo da takarda a aljihu. An rubuta mini cewa ango mutum ne mai haƙuri, mai ladabi, mai riƙon amana. Duk gaskiya ne, sai dai ko wane ango a Damagaram haka ake faɗa a kansa. Na ninke ta. Bari in ba ku labari guda.

A watan Afrilu na 2013, muna ajin ƙarshe na kwaleji, ruwa ya ɗauke a unguwarmu a Birni. Kun dai san bazarar garin nan, duwatsu su sha rana su kwana suna mayar da zafi. Innata tana kwance da zazzaɓi, Baba yana Yamai, ni ne babba a gida, kuma kuɗin jarka wajen 'yan ga-ruwa ya fi ƙarfinmu. Ban faɗa wa kowa ba. Laminu ya zo mu yi bita, ya nemi ruwan alwala, ya leƙa randa ya ga ƙasanta. Sai ya mayar da murfi, ya ce ashe yana da alwalarsa.

Washegari kafin kiran asalatu na ji ƙarar kura a ƙofar zaure. Shi ne, ya aro kurar maƙwabcinsu, ya bi layin famfo a Zango tun tsakar dare, ya turo jarka shida har gidanmu. Kwana tara yana haka. Ranar ta huɗu na ga tafin hannunsa ya yi bororo, ko biro ba ya iya riƙewa da kyau, ga jarrabawa ta matso. Na ce ya bari. Ya ce, "Innarka ce kai kaɗai?"

Shekarun nan duka bai taɓa tayar da zancen ba, ko da mun yi faɗa, kuma mun yi. Ga Inna can zaune, har yau idan ta yi masa addu'a cewa take Allah ya shayar da shi.

Hadiza, amaryarmu, wanda kika aura ke nan. Ba shi da yawan magana, wata rana shirunsa zai dame ki. Amma yana leƙa randa. Ke ma ki riƙa duba hannunsa, don ba zai ce miki ya gaji ba.

Laminu, ɗan'uwana, ban taɓa yi maka godiya a gaban mutane ba. Na gode.

Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa randarku kada ta bushe. Malam, a yi mana Fatiha.