Sashe na 6: Bayanin Kasafin Kuɗin Aikin Yashe Magudanun Ruwa a Gwammaja

Ƙungiyarmu tana neman tallafin ₦4,620,000 domin aikin wata shida, daga Afrilu zuwa Satumba, a kan magudanar ruwa mai tsawon mita 1,200 a unguwar Gwammaja, Ƙaramar Hukumar Dala. Mun zaɓi farawa a Afrilu ne domin a gama babban yasa kafin ruwa ya sauka a Yuni, sannan a ci gaba da bibiya har a wuce Agusta, watan da ruwa ya fi yi mana ɓarna. Za a fita aiki Asabar biyu a kowane wata, ɗaya daga ciki ita ce Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, wato fita 12 ke nan, da 'yan aikin gayya 40. Farashin da ke ƙasa ma'ajinmu da sakatare ne suka zaga kasuwa da ƙafarsu suka tambayo a watan Fabrairu, shago uku-uku ga kowane kaya, muka ɗauki na tsakiya.

1. Kayan aiki: ₦780,000

Baro 10 a kan ₦45,000, shebur 30 a kan ₦6,000, manjagara 20 a kan ₦4,500, diga 6 a kan ₦10,000. Duka a Kasuwar Ƙofar Ruwa za a saya, wadda ke kusa da mu, don haka ba mu sa kuɗin dako ba. Akwai baro mai araha, amma mun gwada shi: laka mai jiƙe nauyi gare ta, kafin damina ta raba tsakiya gindinsa ya ɓurme. Yanzu baro biyu kawai muka mallaka, ɗaya ma an sha yi masa walda. Lungunanmu mota ba ta shiga, baro ne kaɗai ke fitar da shara zuwa bakin titi.

2. Kayan kariya: ₦500,000

Takalmin roba ƙafa 40 a kan ₦8,000, safar hannu mai kauri 80 a kan ₦1,500 (biyu ga kowane mutum, domin ɗaya ba ta kai wata uku), sai ₦60,000 na takunkumi da sabulu da akwatin taimakon gaggawa. Wanda ya taɓa shiga kwata ya san abin da ke ƙarƙashin baƙin ruwan nan: fasasshiyar kwalba, tsatsattsen gwangwani, reza, wani lokaci har allura. Bara wani matashinmu ya shiga da silifas, kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa, ya yi mako uku bai je wajen sana'arsa ba. Tun daga ranar muka kafa doka, babu takalmi babu shiga.

3. Hayar tifa: ₦1,260,000

Sawu 36 a kan ₦35,000, har da kuɗin masu lodi. Wannan shi ne layi mafi tsada, ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin, kuma idan za a rage wani abu muna roƙon kada a taɓa shi. Yashe kwata ba ya gagarar matasan unguwa, sun saba. Inda aikin gayya ke mutuwa shi ne bayan an yashe. A tara laka da leda a gefen magudana, a tafi gida da niyyar za a nemo mota, kwana uku kaji da awaki su baje ta, yara su bi ta kai, ruwan farko ya mayar da ita inda aka ciro ta. Haka ta faru da mu a bara. Wani mai tifa ya yi mana alkawarin sawu biyu kyauta, muka jira shi kwana tara, ruwa ya riga shi zuwa. Ba mu ga laifinsa sosai ba, domin tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin sufuri ya tashi a ko'ina, mai mota ba ya iya sadakar sawu kamar da.

Mun raba sawun daidai da nauyin aiki. Fita huɗu na farko, a Afrilu da Mayu, sawu biyar-biyar, jimla 20, saboda lakar da ta taru ta shekara da shekaru ce. Sauran fita takwas sawu bibbiyu, jimla 16. Za a bar lakar ta tsane kwana ɗaya kacal, a kwashe ta ranar Lahadi, a zubar a wurin da hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ta amince. Ba za a biya direba ba sai mai unguwa ko wakilinsa ya sa hannu a takardar sawu.

4. Murafun siminti a mashigai: ₦980,000

Za a zuba murfi 20 a wurare uku da jama'a suka fi tsallakawa: ƙofar makarantar firamare, gaban masallacin Juma'a, da mashigar 'yan kayan miya. Siminti buhu 30 a kan ₦10,500, ₦315,000 ke nan. Rodi mai kaurin milimita 12 guda 25 a kan ₦9,000, ₦225,000. Yashi da tsakuwa ₦180,000, katako da ƙusa da wayar ɗauri ₦60,000, ladan birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi ₦200,000. Da gangan muka guje wa murfin ƙarfe, kowa a Kano ya san ba ya kwana biyu a wurinsa. Murafun za su zama masu ɗaguwa, mutum huɗu su iya ɗaga ɗaya, domin magudanar da aka rufe ruf ba ta yasuwa.

5. Abinci da ruwan sha: ₦480,000

₦1,000 ga mutum 40 a fita 12. Ba lada ba ne, ƙosai da kunu ne da safe, sai ruwan leda da ɗan abin taɓawa da hantsi. Matan unguwa masu sana'ar abinci za a ba kwangilar.

6. Wayar da kai: ₦160,000

Lasifikar hannu biyu ₦50,000, buga takardun sanarwa ₦30,000, sai zama huɗu da matan aure a makarantun Islamiyya na dare, ₦20,000 kowane zama, na ruwa da kuɗin adaidaita sahu na malamar lafiya da za ta yi bayani. Mun fi ba zaman mata nauyi saboda yawanci daga cikin gida ake miƙa wa yaro ko almajiri shara, shi kuma kwata ce mafi kusa da shi. Limamai da masu unguwanni sun karɓi nasu ɓangaren ba tare da ko sisi ba.

7. Kula da aiki da lissafi: ₦240,000

Alawus ɗin mai kula da aiki ₦30,000 a wata, ₦180,000 a wata shida. Shi kaɗai ne zai karɓi kuɗi a cikinmu, kuma abin bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na ƙasa, ₦70,000, ba. Shi zai riƙe rajistar kaya da takardun sawu, ya ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, ya rubuta rahoton wata. Sauran ₦60,000 na katin waya ne da data da hoton takardu da cajin banki.

8. Ajiyar ko-ta-kwana: ₦220,000

Kashi 5 cikin 100 na ₦4,400,000 da layuka bakwai na sama suka tashi. Siminti da rodi ne abin tsoronmu, farashin Fabrairu ba lallai ya jira mu zuwa Mayu ba. Ba za a taɓa kuɗin nan ba sai mun rubuto muku kun amince, abin da ya rage kuma za a mayar.

Gudummawar unguwa

Ba mu sa ta cikin abin da muke nema ba. Ƙwadagon mutum 40 a fita 12, in aka ƙiyasta shi a kan ₦4,000 a yini kamar yadda ake biyan lebura, ya kai ₦1,920,000. Wani dattijo ya ba mu aron shago don ajiye kaya, mabuɗi ɗaya a hannun mai kula da aiki, ɗaya a hannun mai unguwa. Kuɗin tallafin zai shiga asusun ƙungiya na banki, ba ya fita sai da sa hannun shugaba da ma'aji, kuma duk biyan da ya haura ₦50,000 ta banki za a tura shi, a maƙala rasit a rahoton watan.