Barka da Zuwa, Malam Aminu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Aminu, a madadin Alhaji da dukkan ma'aikata ina yi maka barka da zuwa. Mutum tara muka gana da su a kan wannan aiki na akawun sito, kai muka zaɓa. Abin da ya ja hankalina shi ne lokacin da na ba ka lissafin dilar atamfa ka yi kuskure, ka gano da kanka, ka faɗa tun ban buɗe baki ba. Allah ya sa ka shigo a sa'a, ya sa mu amfani juna.

Za ka fara ranar Litinin da ƙarfe takwas da rabi na safe. Ka zo ofis da ke bene na biyu a gidanmu na cikin Kantin Kwari, kada ka wuce sito kai tsaye. Tunda daga Kurna kake tahowa, ka fito da wuri, ka san yadda titin Katsina yake cika da safe. Idan da babur za ka zo, ka miƙa shi ga Baba Idi mai gadi ya nuna maka wurin ajiya, kada ka bar shi a bakin titi jami'an KAROTA su ɗauke. Baba Idi ya girme mu duka a gidan nan, ka gaishe shi yadda za ka gaida mahaifi.

Ka taho da hotonka ƙarami guda biyu, da lambar NIN, da lambar asusun bankin da za a riƙa tura maka albashi, da takardar mai tsaya maka wadda ya sa wa hannu. Duk Hajiya Binta akanta za ka kai wa. Ita ce za ta zauna da kai ta nuna maka abin da ake cirewa a albashi, don kada ƙarshen wata ya zo ka ga kuɗi sun ragu ranka ya ɓaci. Akwai harajin albashi da muke kai wa hukumar tattara haraji ta jihar Kano, akwai kuma fansho. Bisa dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga ɓangarenka, mu kuma mu ɗora kashi 10 daga namu, duka su shiga asusu mai sunanka. Kamfanin fanshon kai za ka zaɓa, kuma ko ka bar mu wata rana kuɗinka ne. Albashi yana shiga ranar 27 ga wata. Wata ukun farko na gwaji ne, kamar yadda yake a takardarka.

Muna tashi ƙarfe shida, Litinin zuwa Asabar. Azahar da La'asar a jam'i muke yi, amma bi da bi, don ba a barin sito a buɗe babu kowa. Ranar Juma'a ana rufewa ƙarfe ɗaya, yawancinmu masallacin Juma'a na Fagge muke zuwa, a dawo bayan an sauko. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, sai an kai ƙarfe goma ake fitowa.

Litinin da Talata ba za ka riƙe biro ba. Ka bi Malam Sani shugaban sito duk inda ya sa ƙafa, ka kalla, ka taɓa kaya da hannunka. Ina so ka iya bambanta atamfar Holan da ta Chana tun kafin ka duba tambari, ka san shaddar gezna da mai kwaikwayonta, ka san turmi nawa ne a kowace irin dila, domin ba duka suke daidai ba. Za ka ga ba ma ajiye kaya a ƙasa sai a kan katako. Ambaliyar da ta shiga kasuwar nan a daminar 2022 ta jiƙa wa 'yan kasuwa dukiya mai yawa, mun gani da idonmu. Haka kuma ba a barin caji ko fanka a kunne idan an tashi, kuma Malam Sani zai nuna maka inda tukunyar kashe gobara take da yadda ake aiki da ita. Wanda ya daɗe a kasuwannin Kano ya san abin da wuta take yi wa yadi.

Ranar Laraba za ka fara rubuta shiga da fitar kaya, Malam Sani yana dubawa. A nan nake so ka tsaya ka karanta da kyau. Ko turmi ɗaya ba ya fita daga sito sai da rasit mai hatimin ofis, kuma rasit ba ya fita sai Hajiya Binta ta ga kuɗi sun zauna a asusu. Wani zai nuna maka saƙo a wayarsa ya ce ga shi ya tura. Wani zai ce shekara ashirin yana sari a wajen Alhaji, kuma gaskiya yake faɗa. Wani zai ce motar Maraɗi ko ta Njamena za ta tashi ta bar shi. Ka ba shi kujera, ka ba shi ruwa, ka ba shi haƙuri, ka kira ofis. A watana na biyu a harkar nan na sallami dila biyu saboda saƙon banki na bogi da wani ya nuna mini, don ina jin nauyin in sa dattijo jira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwana uku da na yi ina ɓoyewa, ina fatan kuɗin za su shigo. Da na faɗa a ranar, da an tare kayan a tasha. Saboda haka idan ka yi kuskure, ko lissafi ya ƙi fita, ka same ni a ranar. Ba na yi wa mutum faɗa don ya kawo mini kuskurensa da kansa.

Bashi kuma Alhaji kaɗai ke bayarwa, ko ni ba ni da wannan iko. Idan dillali ya miƙo maka na goro don ka fara sallamar mutuminsa, ka gode masa ka mayar masa. Farashin da muke sayo kaya da sunayen waɗanda muke bi bashi ba abin hira ba ne a majalisa, ko da abokinka ne na maƙwabcin shago.

'Yan dakon da ke mana aiki ka koyi sunayensu tun a makon nan. Su ne ke ɗaukar dila a ka cikin rana su ratsa cunkoson layi, kuma sau da yawa su ke fara lura idan an farke ɗauri ko kaya sun ragu. Ka rubuta adadin da kowa ya ɗauka a gabansa, a biya shi kafin ya tafi gida.

Ranar Alhamis za mu ƙirga wani sashe na sito tare da kai, don ka ga yadda ake daidaita abin da ke littafi da abin da ke ƙasa. Asabar bayan La'asar kuma ni da kai za mu zauna rabin awa. Ka zo da duk tambayar da ta taru maka, har da abin da ka gani a tsarinmu wanda bai kwanta maka ba. Baƙo yakan hango abin da idon ɗan gida ya saba da shi, kuma ina so in ji. Ka shigo a lokaci mai kyau, saura wata biyu azumi, kana da sararin koyo kafin cinikin sallah ya taso, lokacin da ko zama ba ma samu.

Abincin ranar Litinin a wajena za ka ci, tare da Malam Sani da Hajiya Binta. Lambar wayata tana jikin takardar ɗaukarka aiki, idan wani uzuri ya taso kafin ranar ka kira ni. Ka gaida mutanen gida.

Wassalam,
Kabiru
Manaja