Bayani kan harajin da aka jinkirta a lissafin kamfani

Alhaji, ranka ya daɗe, barka da war haka.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa harajin da ke cikin rahoton shekara ya fi wanda muka biya. Ba kuskure ba ne. Riba biyu ake fitarwa: ɗaya bisa ƙa'idar akantoci, ɗaya bisa dokar haraji. Ga misali da injin casar shinkafa, na sauƙaƙa alƙaluman don lissafin ya fito fili.

A ce mun sayi injin naira miliyan 12, zai yi aikin shekara 4. A littafinmu, kowace shekara muna cire miliyan 3 saboda tsufansa. Hukumar haraji ba ta karɓar wannan cirewar; tana da nata rangwamen da take bayarwa kan kayan aiki. Mu ɗauka ta yarda a cire miliyan 6 a shekarar farko, sannan miliyan bibbiyu a sauran ukun. Duka dai miliyan 12 ne, lokacin cirewa ne ya bambanta.

Idan ribar kowace shekara kafin cire kuɗin injin miliyan 20 ce, haraji kuma kashi 30 cikin 100, to a shekarar farko littafinmu zai nuna ribar miliyan 17, harajinta miliyan 5.1. Ita hukuma miliyan 14 za ta gani, ta karɓi miliyan 4.2. Saura naira dubu 900. Wannan kuɗin ba yafe mana aka yi ba, ɗaga mana ƙafa aka yi, shi ya sa muke rubuta shi a jerin basukan da ke kanmu. Ƙa'idar IAS 12, wato ƙa'idar akantoci ta duniya kan harajin riba, ta wata hanyar take bi: darajar injin a littafinmu miliyan 9, a idon hukuma miliyan 6, ratar miliyan 3, kashi 30 ɗinta dubu 900 ɗin dai.

Shekara ta biyu abin zai juya. Ribar littafi tana nan a miliyan 17, amma hukuma za ta ga miliyan 18, mu biya miliyan 5.4. Ƙarin dubu 300 ɗin daga bashin nan za a rage shi, haka har shekara ta huɗu ya ƙare ƙaf. Ta ko'ina ka tara harajin shekara huɗun, miliyan 20.4 za ka samu.

Ba kowane bambanci ke haifar da wannan ba. Tarar da aka ci kamfani don saɓa doka, alal misali, hukuma ba za ta yarda a cire ta ba ko bana ko baɗi, don haka babu abin jinkirtawa. Idan kuma gwamnati ta canza kason haraji, sai mun sake lissafa bashin da sabon kason.

Shawarata, kada a sa dubu 900 ɗin nan cikin abin da za a raba wa masu hannun jari. A juya ta wajen sayen shanshera, ba laifi, muddin za ta dawo kafin lokacin biya.

Allah ya ƙara girma.

Akantan kamfani