Jinkirin da aka samu a aikin bincikena da roƙon amincewa da sabon jadawali

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan Malam da iyali suna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto ne domin in bayyana halin da aikin bincikena na digiri na biyu yake ciki, wato binciken ƙarafa masu guba a ruwan tsofaffin kududdufan haƙar kuza da ake noman rani da shi a yankin Bukuru da Barkin Ladi. Rabona da ofishin Malam tun watan Mayu, ga shi yau muna ƙarshen Satumba, kuma babu wani babi da na kawo a tsakani. Na san bai kamata Malam ya ji shiru har na tsawon wata huɗu daga ɗalibin da yake duba aikinsa ba, don haka ina neman afuwa kafin komai.

Gaskiyar magana ita ce aikin ya tsaya nesa da inda muka tsara zai kai. Bisa jadawalin da na gabatar a watan Nuwamban bara, ya kamata a ce yanzu na kammala awo a ɗakin gwaji, ina rubuta babi na huɗu. Abin da ke hannuna kuwa shi ne babi na ɗaya da aka gyara, da babi na biyu da bai wuce rabi ba, da samfuran da ba a auna ko guda a cikinsu ba.

Babban kuskurena ya faru ne a samfuran rani. Ban fita fili ba sai ranar 12 ga Fabrairu, lokacin da manoma da yawa sun riga sun cire latas da kabejinsu sun kai kasuwa, saboda haka na sami ruwa daga kududdufai 12 kamar yadda muka tsara, amma ƙasa da ganye a gonaki biyar kawai na samu. Na zuba wa ruwan asid na naitirik har pH ɗinsa ya sauka ƙasa da 2, kuma kamar yadda Malam ya sani, ruwan da aka adana haka ba ya wuce wata shida idan ana son awon ƙarafa ya zama abin dogaro. Na'urar ɗakin gwajin da na yi niyyar amfani da ita ta lalace a watan Afrilu, ni kuma na zauna ina jiran gyara, ana cewa mako mai zuwa, har wa'adin ya cika a tsakiyar Agusta. Lalacewar na'ura ba laifina ba ce, amma zaman jiran laifina ne, domin da na sanar da Malam tun a watan Mayu, da an nuna mini wani wurin da zan kai su. Kunyar zuwa hannu rabbana ce ta hana ni, kuma kullum sai in ce bari in sami sakamako ko ɗaya tukuna.

Akwai kuma rashin lafiyar mahaifina, wanda na yi jinyarsa kusan mako shida tsakanin Yuni da Yuli, ga aikin koyarwa da nake yi a makarantar sakandare. Alhamdu lillahi ya sami sauƙi. Na ambaci wannan ne don Malam ya san yadda lokacin ya tafi, ba don ya zama uzuri ba.

Duk da haka ban zauna haka kawai ba. A ƙarshen Yuli na ɗebo samfuran damina na ruwa da ƙasa daga kududdufai shida, uku a Bukuru, uku a Barkin Ladi, kuma wa'adin ruwan bai cika ba sai ƙarshen Janairu. Na kuma gano wani kuskure a babi na biyu wanda da ya ɓata dukan tattaunawar sakamako: na ɗauki ma'aunin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya, wato miligiram 0.01 na dalma a kowace lita, alhali ruwan da nake bincike na ban-ruwa ne, wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa masa iyakar miligiram 5 na dalma da 0.01 na kadmiyam a lita. A ganina duka biyun suna da wuri a aikin, tunda na ga ana wanke kayan lambu a bakin kududdufan, amma dole a bambanta su, kuma hukunci na ƙarshe ya rataya a kan abin da ya shiga cikin ganyen da mutane ke ci.

Shawarar da nake kawowa, idan Malam ya amince, ita ce a rage faɗin aikin. Maimakon kududdufai 12, in tsaya a kan shidan da nake da samfuransu na damina, domin su ne kaɗai zan iya kwatanta raninsu da daminarsu. Maimakon ƙarafa shida, in auna dalma da kadmiyam da tutiya, sannan a kayan lambu in riƙe latas da kabeji, in bar karas da tumatir. Ban so hakan ba, musamman barin karas wanda saiwarsa ake ci, amma kuɗin awo a ɗakin gwaji mai zaman kansa bisa kowane ƙarfe a kowane samfuri ake biya, kuma abin da zan iya ɗauka daga albashina ke nan. Ruwan Fabrairu kuwa ina ganin a ajiye shi gefe gaba ɗaya, kada ya shiga sakamako.

Game da lokaci, zan kai samfuran damina awo a mako na biyu na Oktoba, in kawo wa Malam sakamakonsu kafin watan ya ƙare. Babi na ɗaya zuwa na uku, da gyaran ma'aunan da na ambata da sabon tsarin ɗibar samfuri, za su iso teburin Malam ranar 15 ga Nuwamba in sha Allahu. Sabbin samfuran rani zan ɗebe su ne daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, lokacin da ganye ya nuna amma ba a cire shi ba, kuma ya dace da hutun makarantarmu; na riga na yi magana da manoma huɗu daga cikin shida, sun yarda su bar mini kunya ɗaya a kowace gona. Wannan karon ruwa da ƙasa da ganye na kowace gona a rana ɗaya zan ɗauke su, a kuma auna su cikin mako uku. Idan haka ta samu, babi na huɗu zai kammala a ƙarshen Maris, cikakken kundi a ƙarshen Afrilu, sai kare aiki a sashe a watan Mayu idan Malam ya ga ya isa. Wurin da jadawalin ba ya ɗaukar jinkiri ko kaɗan shi ne fitar Disamba, domin idan ta kuɓuce sai wata shekarar.

Wannan tsari zai wuce wa'adin rajistata da zango ɗaya, saboda haka zan buƙaci sa hannun Malam a takardar neman ƙarin lokaci da za a kai Makarantar Karatun Gaba da Digiri. Ina kuma roƙon Malam ya ba ni dama in riƙa aiko da taƙaitaccen rahoto duk ranar Juma'a ta biyu, ko an ci gaba ko ba a ci ba.

Na haɗa wannan saƙo da babi na biyu yadda yake a yanzu, da taswirar kududdufai shidan. Idan Malam yana da sarari ranar Talata ko Alhamis mai zuwa bayan ƙarfe 2 na rana, zan zo ofis da littafin aikin fili domin Malam ya duba, musamman batun rage yawan kududdufan, wanda ba zan taɓa shi ba sai da izinin Malam.

Na gode ƙwarai da haƙurin da Malam yake yi da ni. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Sani
Jos