Sanarwar soke taron gaggawa na ranar Asabar, 8 ga Nuwamba

Litinin, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga dukkan 'yan Kwamitin Iyaye da Malamai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na rubuto ne in sanar da ku cewa an soke taron gaggawar da muka sa ranar Asabar, 8 ga Nuwamba, da ƙarfe 10 na safe. Ba ɗage shi aka yi zuwa wata rana ba, an janye shi ne gaba ɗaya, domin matsalar da za ta tara mu ta warware. Na tuntuɓi Shugabar Makaranta da Malam Sakatare jiya da yamma kafin in yanke wannan shawara, kuma ra'ayinmu ya zo ɗaya.

Kamar yadda kuka sani, tun ranar 20 ga Oktoba rijiyar burtsatsen makaranta ta daina ba da ruwa. Mai gyaran da ya fara dubawa ya ce yana zaton ruwan ƙasa ne ya janye, shi ya sa muka kira taro don mu zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a ƙara wa rijiyar zurfi, ko a haƙa sabuwa. Kowanne aiki ne babba da ba za a taɓa shi ba sai da yardar kwamiti, wataƙila ma sai an nemi gudummawar iyaye.

Ranar Alhamis da ta wuce Injiniya, wanda shi ma uba ne a makarantar, ya zo da ma'aikatansa suka zaro injin daga cikin rijiyar suka auna. Zurfin rijiyar mita 60 ne, injin yana rataye a mita 45, ruwa kuwa an same shi a mita 22. Ke nan rijiya ba ta ƙafe ba. Matsalar a wutar lantarki take. Akwatin da ke tayar da injin ya ƙone, sannan ruwa ya shiga inda aka haɗa wayar injin da wayar da ta fito waje. Injiniya ya bayyana mana cewa idan wuta ta zo da rauni, inji yakan yi ta fama yana ɗaukar zafi har wani abu ya ƙone, kuma yana ganin abin da ya faru ke nan. Ranar Juma'a aka sa sabon akwati, aka sake haɗa wayar aka liƙe ta yadda ruwa ba zai shiga ba. Ranar Asabar aka bar injin yana aiki na tsawon awa huɗu, ruwan bai sauka ƙasa da mita 31 ba, tankin nan mai cin lita 5,000 ya cika. Yau da safe na tsaya da kaina na ga ruwa yana zuba a famfunan wanke hannu da na banɗakin yara. Alhamdu lillahi.

Kuɗin gyaran bai kai iyakar da kwamiti ya yarje wa Shugabar Makaranta ta kashe ba tare da an zauna ba, don haka babu abin da ke jiran sa hannunmu. Da na duba ajandar sai na ga babu sauran shawarar da za a yanke. Ban ga dacewar in raba mutum goma sha ɗaya da gidajensu da sana'o'insu ranar hutu don kawai su ji labarin da takarda za ta iya isarwa ba. Lokacinku amana ne a hannuna, kuma ina so duk ranar da na ce a zo, ku san cewa lallai akwai abin da ba zai yiwu ba sai da ku.

Na san wasunku sun riga sun yi ɗawainiya saboda wannan zama. Alhaji Mataimakin Shugaba, ka ɗage tafiyarka don ka halarta, ina roƙon ka yi haƙuri, na yi hanzarin sanarwa ne ko za ka iya mayar da ita yadda ka tsara tun farko. Malam Sakatare, ka bi masu haƙar rijiya uku har ka karɓo ƙiyasinsu a rubuce, aikin da ya ci maka kwanaki. Wannan wahala ba ta tafi a banza ba. Za mu ajiye takardun a fayil ɗin kwamiti, domin duk ranar da buƙatar sabuwar rijiya ta taso, mun san inda za mu fara. Abin da nake roƙo shi ne ka kira su ukun kafin ranar Laraba, ka yi musu godiya, ka faɗa musu gaskiyar abin da ya faru, kada su zauna suna jiran amsa daga gare mu.

Hajiya Ma'aji, maganar da kika kawo ta sa wa rijiyar na'urar hasken rana tana nan daram. A gaskiya abin da Injiniya ya gano ya ƙara mata ƙarfi, tunda raunin wuta ne ya jawo mana wannan wahala, kuma babu tabbacin ba zai sake ba. Sai dai magana ce da ke son natsuwa, bai kamata a cusa ta cikin zaman gaggawa ba. Na sa ta a farkon ajandar taronmu na ƙarshen zango, ranar Asabar, 6 ga Disamba, a lokaci da wurin da muka saba. Don Allah ki aiko wa Malam Sakatare bayaninki kafin 22 ga Nuwamba, shi kuma ya raba wa kowa, a zo an riga an karanta. Haka nan ki haɗa rasiɗan wannan gyara ki turo mana kwafinsu cikin makon nan.

Injiniya ya ba da shawarar a sa na'urar da ke yanke wa injin wuta da kanta idan wutar ta yi rauni ko ta yi yawa, da kuma wadda ke kashe shi idan tanki ya cika. Ya yi alƙawarin kawo ƙiyasi ranar Juma'a, 7 ga wata. Idan ya iso zan aiko muku, kowa ya ba da amsarsa ta waya. Kafin nan an umarci maigadi kada ya kunna injin sai ya ga wuta ta tsaya sosai. Shugabar Makaranta za ta dakatar da sayen ruwa daga gobe, kuma za ta ba yara takarda su kai gida, iyaye su san ruwa ya dawo kuma ba za a nemi komai daga gare su ba a kan wannan.

Idan akwai wanda yake da wani batu da ya yi niyyar tayarwa ranar Asabar, kuma yana ganin ba zai jira Disamba ba, kada ya yi shiru don kara. Ya kira ni kafin yammacin Laraba mu tattauna. In abin na zama ne, za mu zauna.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya amsa da cewa ya gani. Wanda ban ji daga gare shi ba zuwa safiyar Alhamis zan kira shi, don kada wani ya sha hanya ya tarar da ɗakin taro a kulle.

Ina miƙa godiyar kwamiti ga Injiniya da ma'aikatansa, da malaman da suka yi ta fama da ɗibar ruwa tsawon mako biyu ba tare da karatu ya tsaya ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kai mu 6 ga Disamba lafiya.

Wassalam.

Naku,
Shugaban Kwamitin Iyaye da Malamai