Ƙorafi Kan Jinkirin Mayar Da Rarar Haraji Da Wulaƙancin Jami'i

Zuwa ga Mai Sauraron Koke-koken Masu Biyan Haraji,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ina kawo kukana kan ofishin harajin da ke riƙe da fayil ɗina.

An cire mini harajin shekarar 2023 sau biyu bisa kuskure. Ranar 12 ga Fabrairu, 2024 na miƙa takardar neman a mayar mini da rarar, haɗe da rasitai biyu da bayanin asusuna na banki, aka buga hatimin karɓa. Yau wata tara ke nan. Na je sau shida, na rubuta wasiƙar tuni biyu, ko amsa babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwana na 5 ga Nuwamba. Na jira tun safe har rana ta take. Da na shiga, jami'in bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ture takarduna da bayan hannu har suka zube ƙasa, ya ce in na gaji in bar kuɗin. A gaban mutane na durƙusa ina tsince su, ni da na haife shi. Haƙƙina fa na je nema.

Ina roƙon a binciki inda fayil ɗin ya maƙale, a sanar da ni a rubuce ranar da za a biya ni, a kuma tuhumi jami'in. Na haɗo kwafin takardun duka, lambar harajina tana kansu.

Na gode.

Taku,
Mai ƙorafi
18 ga Nuwamba, 2024