Wasiƙa zuwa ga iyayen yaran aji uku kan karatu a gida

Garwa, Litinin 14 ga Oktoba, 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Iyayenmu maza da mata, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne kan yaranmu na aji uku, wato CE1. Mun fi wata ɗaya da komawa makaranta, na kuma saurari karatun kowane yaro shi kaɗai. Da yawansu sun san baƙaƙe, suna haɗa gaɓa da gaɓa, amma kafin su kai ƙarshen layi sun manta farkonsa. A aji mai yara 68, yaro kan yi kwanaki layi bai zo kansa ba. Shi ya sa nake roƙon minti 15 a gida kullum, ba ƙari.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, ni fa ban yi boko ba, ba na jin Faransanci." Ba koyarwa nake nema daga gare ku ba, wannan aikina ne. Ku dai ku zauna ku saurara. Duk wanda ya taɓa jin yaro yana biya allonsa ya san bambancin mai karatu da mai in-ina, ko da bai san ma'anar ba.

Ran Litinin yaro zai dawo da shafi ɗaya da na yi wa alama da jan biro. Ya karanta muku shi da ƙarfi, yatsansa a ƙarƙashin kalma. In ya tsaya, a bar shi ya ɗan yi kokawa da kalmar, kada yayansa ya yi saurin faɗa masa. In ta gagara, ya kwafe ta a bayan littafin rubutunsa, zan duba da safe. Ran Talata a maimaita shafin nan dai, kada a ci gaba. Wasu iyaye na ganin maimaici ɓata lokaci ne, amma a nan ne harshe ke sakewa.

Laraba ce babbar ranarmu, tunda ana tashi da wuri. Bayan ya ci abinci ya huta, sai ya rufe littafin ya ba ku labarin abin da ya karanta da Hausa, ko da Fillanci in shi ake yi a gidan. Ku yi masa tambaya: wa ya tafi kasuwa? Me ya sa yarinyar ta yi kuka? Akwai yaran da ke rera shafi tsaf kamar waƙa, amma ba su san abin da ke ciki ba, kuma wannan tambayar ce kaɗai ke tona su. Kada ku ji tsoron cewa Hausa za ta ɓata masa Faransanci. Yaron da ya iya mayar da labari cikin harshen gidansu, shi ne ya gane.

Ran Alhamis, da yake babu makarantar allo da yamma, rubutu za a yi. Ya rubuta kalmomi biyar daga shafin a ƙaramin allonsa da alli, ya goge, ya sake rubuta su da ka. Faransanci na da wuyar sha'ani a nan: sauti ɗaya ana rubuta shi da o, da au, da eau, wasu baƙaƙen ƙarshen kalma kuma ba a furta su. Don haka kuskure ba lalaci ba ne, a ajiye bulala.

Juma'a hutu. Asabar kuwa a fita da karatu waje: ya karanta muku allon shago, kwalin magani, ledar sabulu, ko abin da ke jikin takardar kuɗi. Da dare kaka ta yi musu tatsuniya, ita ma karatu take gina wa. Ran Lahadi ya karanta shafin karo na ƙarshe, uba ko uwa su sa hannu a ƙasa, ko dangwala yatsa, ya kawo min ran Litinin.

Ku zaɓi lokaci guda ku tsaya a kai. Ni na fi son bayan la'asar, da sauran haske, don ba a dogara da wutar lantarki. In dare ya yi, fitilar waya ta wadatar. A kashe talabijin. Ina kuma roƙon iyaye mata musamman, a ɗaga wa 'yan mata wanke-wanke da talla na wannan ɗan lokaci, don na lura su ne suka fi zuwa da shafi ba a taɓa ba.

Wanda ɗansa ba shi da littafin karatu ya sanar da ni, zan haɗa shi da maƙwabcinsa ko in kwafe masa shafin. In kun ga yaro yana manna ido a takarda ko yana kukan ciwon kai, a kai shi a duba idonsa.

Ran Asabar 26 ga Oktoba da ƙarfe 9 na safe za mu haɗu a ajinmu tare da shugaban ƙungiyar iyaye, in nuna muku yadda ake yi da yara biyu. Ku zo da littafin yaron.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya saka muku da alheri.

Naku,
Malamin aji uku